Bil na 18% ko fikis na 20%: wanne ya fi, kuma me ya sa lissafinmu bai zo ɗaya ba?

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum 'yan gida. Ni ce ma'ajiyar ƙungiyar taimakon kai da kai ta malaman makarantarmu, kuma akwai kuɗin da ba za mu taɓa ba sai baɗi war haka. Banki sun ba ni zaɓi biyu: ko ajiyar wa'adi, wato fikis, a kan 20% na kwana 364, ko tirezari bil na gwamnatin tarayya a kan 18%, shi ma kwana 364. Yarinyar da ke kula da asusunmu ta ce bil ɗin ya fi, har ta rubuta min 21.94% a bayan takarda. Don Allah ta yaya 18 ta zama 21.94? Ranar Asabar zan tsaya gaban kwamiti, kuma malaman lissafi biyu ne a ciki.

Nura Kwari: Wa'alaikumussalam Hajiya. Ai abin a fili yake. Bil tun ranar farko ake ba ki ribarki a hannu, fikis kuwa sai ƙarshe. Ki karɓi ribar ki juya ta, shi ne ya kai 21 da wani abu. Idan kin iya juyi ma ya wuce haka.

Malam Isyaku: Nura ya kama rabin zancen, zan dawo kan sauran rabin. Hajiya, bari mu yi da kuɗi, mu ajiye kaso tukuna.

A ce takardar da za ku saya ta naira miliyan 10 ce. Wannan shi ne abin da gwamnati za ta biya ku ranar da wa'adi ya cika, ba ƙari ba ragi. Bil ba ya biyan ruwa a tsakani, rangwame ake yi muku wajen saye. Shi 18% ɗin nan na rangwamen ne, kuma a kan miliyan 10 ɗin ake lissafa shi, na kwana 364 cikin 365. Kashi 18 na miliyan 10 shi ne 1,800,000. A ninka da 364 a raba da 365, ya ba da 1,795,068.49. Ke nan abin da zai fita daga asusunku shi ne 8,204,931.51.

To yanzu nawa kuka zuba? Ba miliyan 10 ba, miliyan 8.2 ne da 'yan kai. Ɗan kasuwar da ya sari kaya a 82 ya sayar a 100 ba zai ce ya ci 18 cikin ɗari ba, a kan uwar kuɗinsa yake auna riba. Ki raba 1,795,068.49 da 8,204,931.51, za ki sami 21.88% a kwana 364. Ki miƙa shi ya cika shekara, wato ki ninka da 365 ki raba da 364, sai ga 21.94%. Yarinyar nan ba ta yi miki ƙarya ba.

Fikis kuwa, 20% ɗinsa a kan abin da kuka zuba ne kai tsaye. Ku sa wannan 8,204,931.51 ɗin a fikis na kwana 364, ribarku 1,636,490.45. Bil ya fi shi da kusan naira dubu 158 da ɗari biyar. Wannan kafin haraji ne da ɗan cajin da banki kan yanka, ki tambaye su waɗannan a rubuce.

Hajiya Rabi: Allah Ya saka da alheri Malam. Wato lambobin biyu ba a ma'auni ɗaya suke ba.

Malam Isyaku: Ko kusa. Ga gajeriyar hanya ga masu kalkuleta, `d` shi ne kason rangwame, wato 18% a rubuta shi 0.18, `t` kwanakin da suka rage:

```
y = d / (1 - d*t/365)
```

Ki lura da yadda tsawon wa'adi yake buɗa tazarar. Wannan 18% ɗin a bil na kwana 91 yana zama 18.85%, a na kwana 182 ya zama 19.77%, a na 364 kuma 21.94%. Da na kwana 182 suka ba ki a 18% ɗin, fikis na 20% ne zai ɗan fi shi.

Ustaz Bashir: Ni dai tunatarwa ce tawa. Ko 18 ne ko 21, bashi ne aka bayar aka karɓi ƙari. Kuɗin mutane ne Hajiya, a tambayi malamai kafin a zuba. Akwai sukuk na gwamnati, takardar jari da aka tsara bisa shari'ar Musulunci, tun 2017.

Hajiya Rabi: Na gode Ustaz, wannan ma yana cikin abin da kwamiti zai tattauna, kuma akwai masu ra'ayinka a cikinmu. Amma ko ƙi za mu yi, gara mu san abin da muka ƙi.

Zainab A.: Baba Isyaku, a gafarce ni, na saka lambobin nan a Excel amma ba su zo daidai da naku ba. Ranar biya a `A1`, ranar cika a `B1`, tsakaninsu kwana 364 cif.

```
=TBILLPRICE(A1,B1,18%)
```

Ya ba ni 81.8, ke nan 8,180,000 a miliyan 10. Naku kuma 8,204,931.51. Bambancin ya kusa dubu 25. Ko bankin ne yake cin wannan a tsakani?

Nura Kwari: Kun ji ko! Na sha faɗa a gidan nan, mutanen nan ba sa barin ko kwabo ya wuce su.

Malam Isyaku: Nura, sassauta, babu wanda ya ci komai. Zainab 'yata, kin yi daidai da kika gwada, sai dai kin ɗauko ma'aunin Amurka kin auna takardar Najeriya. `TBILLPRICE` a kan bil na Amurka aka gina shi, kuma can shekarar rangwame kwana 360 ce. Kwanakin takardar ana ƙirga su yadda suke a kalanda, amma a raba da 360. Don haka shi ya ɗauki 1,800,000 ya ninka da 364 ya raba da 360, ya sami 1,820,000. Mu nan da 365 muke rabawa, kamar kasuwar kuɗin Ingila. Dubu 25 ɗin da kika gani, 24,931.51 ne, kuma daga kwana biyar ɗin nan kaɗai ya fito.

Yi amfani da wanda zai ba ki damar zaɓen shekararki:

```
=PRICEDISC(A1,B1,18%,100,3)
```

Lambar ƙarshe ita ce ta ƙidayar kwana. 3 tana nufin kwanakin kalanda bisa 365, 2 kuma bisa 360. Idan kika bar gurbin babu komai, zai ɗauka kowane wata kwana 30 ne, shekara 360, ya ba ki wata amsar daban.

Zainab A.: Na gwada, 82.0493 ya fito. Da na sa 2 kuma ya koma 81.8. Amma Baba, me ya sa mutum zai ce shekara kwana 360 ce alhali kowa ya san ba haka ba ne?

Malam Isyaku: Gadon zamanin lissafin hannu ne. Wata 12 sau kwana 30, kuma 360 tana rabuwa da 2, 3, 4, 6, 12 ba saura. Kwamfuta ta zo, al'adar ba ta tafi ba, domin duk yarjejeniyoyi da ita aka rubuta su. Babu cuta a ciki muddin mai saye da mai sayarwa sun san da wace shekara suke magana. Cutar tana shigowa ne idan aka jera 18% mai 360 da 18% mai 365 aka ce abu ɗaya ne. Na farko, idan aka mai da shi ma'aunin ajiya, 22.31% ne, na biyu 21.94%.

Dakta Kabiru: Ina biye da ku daga nan Amurka. Ina sayen na mako 13 ta TreasuryDirect, kuma duk sakamakon gwanjo lambobi biyu suke sawa gefe da gefe, `High Rate` da `Investment Rate`. Na biyun kullum ya fi girma. Bari in ba da misali da 5% don sauƙi: takardar dala 100 ta kwana 91 tana zuwa a 98.736111, su kuma su rubuta 5.134% a gurbi na biyu. Na daɗe ina ɗauka duk tazarar daga kwana biyar ɗin nan take, 365 a kan 360. Amma yanzu na ninka 5 da 365 na raba da 360, 5.069 kawai na samu.

Malam Isyaku: Dakta, gyara biyu ne aka haɗa a lamba ɗaya, kai ka yi ɗaya. Na farko, a daina auna riba a kan 100, a auna ta a kan 98.736111 da ka biya. Wannan ya kai 5% zuwa 5.064%. Na biyu, a mai da shekara daga 360 zuwa 365, ya kai 5.064% zuwa 5.134%. A dunƙule:

```
BEY = 365*d / (360 - d*t)
```

Wannan shi ne abin da suke kira ribar da ta yi daidai da ta bon, don mai kuɗi ya iya jera bil kusa da takardar gwamnati mai biyan ruwa ya ga wadda ta fi.

Abin da nake so ku lura da shi: a wurin Dakta gyaran biyu kusan kai ɗaya suke, na farko ya ƙara 0.064, na biyu 0.070. Ƙidayar kwana ma ta ɗan fi nauyi. A wurin Hajiya kuwa gyaran farko shi kaɗai ya ƙara kusan 4 cur, daga 18 zuwa 21.94, rikicin 360 da 365 kuma bai kai rabin 1 ba. Inda ruwa yake ƙasa kuma wa'adi gajere, ido a kan kwanaki. Inda ruwa ya yi sama kamar namu, babban kuskure shi ne manta a kan wane kuɗi aka auna.

Nura Kwari: To Malam, ka ce za ka dawo kan rabin nawa. Ni abin da na sani, bankina miliyan 10 ɗin suke cira gaba ɗaya, sannan su dawo min da ribar. Ke nan ina da 21.94% ɗinka, ga kuma miliyan 1.79 a hannu ina sarin atamfa da ita. Riba biyu.

Malam Isyaku: A nan ne ka ƙirga abu ɗaya sau biyu. Su cire miliyan 10 su dawo da 1,795,068, ko su cire 8,204,931 kai tsaye, duk ɗaya ne in dai rana ɗaya aka yi. Wannan miliyan 1.79 ɗin ba riba ba ce da ta riga ta zo, kuɗinka ne da ba ka zuba ba. Shi ya sa ma aka sami 21.94%, don an auna a kan miliyan 8.2. Abin da ka ci a atamfa ribar atamfa ce, a kan jarin atamfa.

Gwada ta nan. Idan ka bar miliyan 1.79 ɗin a asusu tana barci har wa'adi ya cika, ka fara da miliyan 10 ka gama da 11,795,068. Wato 17.95% ka ci a kan dukan kuɗinka, fikis na 20% ya doke ka. Idan kuwa ka zuba miliyan 10 ɗin duka a bil, takardar da za ka saya ta kusan 12,187,792 ce, a nan ne dukan kuɗin ya ci 21.88% na kwana 364.

Hajiya, wannan ya shafe ku kai tsaye. Idan kwamiti na da miliyan 10 kuma aka sayi takardar miliyan 10, ku yanke tun yanzu inda ragowar za ta. Kuma ki tambaya yaushe ragowar take dawowa asusu. Idan an cire miliyan 10 yau aka dawo da ita bayan mako biyu, 21.94% ɗin ya riga ya ɗan zube.

Nura Kwari: Na ji lissafin, amma ban sauka daga kan maganata ba. Kuɗi a hannu yau ya fi kuɗi baɗi, musamman yadda kaya ke tashi.

Malam Isyaku: Ban musa maka wannan ba. Cewa na yi an riga an sa shi a cikin lambar.

Alhaji Garba: Salamu alaikum, ban karanta duka ba. Idan tambayar wane banki ne ya fi bayarwa, ku zagaya uku ko huɗu, kowa da nasa. Ni ba na sayen komai sai na ji na maƙwabci.

Zainab A.: Alhaji, ba a kan bankin ake magana ba, a kan yadda ake karanta lambar ne. Baba Isyaku, wata tambayar. Idan 21.94% shi ne wanda ya yi daidai da bon, ke nan idan na ga bon ɗin gwamnatin tarayya yana ba da 21%, bil ɗin Hajiya ya fi shi?

Malam Isyaku: Tambayar da nake jira ke nan. A'a, bai fi shi ba, kuma a nan ne sunan yake yaudarar mutane.

Bon na gwamnatin tarayya sau biyu yake biyan ruwa a shekara, duk wata shida. Idan aka ce yana ba da 21%, ana nufin 10.5% a rabin farko, 10.5% a rabi na biyu. Wanda ya karɓi na farko yana iya sake zuba shi ya yi wata shida yana aiki. Ki ninka 1.105 da 1.105, ya ba da 1.2210, wato 22.10% a shekara. Bil na kwana 364 kuwa sau ɗaya yake biya, a ƙarshe, don haka 21.94% ɗinsa ba shi da wani ƙari a ɓoye. 22.10 ya fi 21.94.

Ko ki bi ta ɗaya hanyar, ki mai da bil ɗin yaren bon. Wane kaso ne idan aka biya shi kashi biyu aka sake zuba na farko zai kai 1.2194? Ɗauki tushen murabba'in 1.2194, kusan 1.10426, cire 1, ninka da 2. Kusan 20.85%. Wannan ne lambar da za ki ajiye kusa da 21% na bon.

Saboda haka bil ɗin Hajiya lamba uku gare shi, kuma duk gaskiya ne. 18% idan ana ciniki da banki ko ana duba sakamakon gwanjon Babban Banki. 21.94% idan ana gwada shi da fikis mai biya sau ɗaya. 20.85% idan ana gwada shi da bon.

Dakta Kabiru: Wannan ya warware min wani abu. Na taɓa gwada dabarar da ka rubuta a sama a kan na mako 52, amsata ta fi abin da suka wallafa. Na ɗauka kalkuletata ce.

Malam Isyaku: Kalkuletarka lafiya lau. Wancan lissafin na takardar da ba ta wuce rabin shekara ba ce. Idan ta wuce, Baitulmalin Amurka wani lissafin suke yi mai ɗauka cewa an biya ruwa a wata shida an sake zuba shi. A 5% na kwana 364, hanya mai sauƙi tana ba da 5.34%, tasu tana ba da 5.27%. A can tazarar 0.07 ce. A kan 18% namu ta haura 1 cur, shi ya sa ba a wasa da ita a nan.

Zainab A.: Amma Baba, malaminmu 21.94% ɗin ya koya mana a matsayin wanda ya yi daidai da bon, ko kwana nawa ne. Haka ma yake a takardar da ya raba mana. Idan na rubuta 20.85% a jarrabawa zai soke.

Malam Isyaku: A jarrabawa ki ba shi abin da ya koyar, ki rubuta a gefe da wace hanya kika bi. Littattafai da yawa a hanya mai sauƙin suke tsayawa. Amma ranar da aka damƙa miki kuɗin mutane, kada ki jera 21.94 da 21 ki ce na farko ya ci.

Sadiya Fansho: Malam, ina aiki da waɗannan lambobin kullum kuma ban yarda da kai ɗari bisa ɗari ba. Shi 22.10% ɗin naka ya dogara da cewa bayan wata shida za a sami inda za a sake zuba ruwan a kan 21%. Wa ya ba da wannan tabbacin? Bil kuwa 21.94% ɗinsa a kulle yake tun ranar saye. Sannan bon ɗin da ake magana galibi saura shekara biyar ko goma ya cika. Wanda zai buƙaci kuɗinsa baɗi sai ya sayar a kasuwa, kuma idan ruwa ya tashi farashin ya faɗi. Ga mai shekara ɗaya kamar Hajiya, ni 21.94% nake kallo, ba na ma kawo bon cikin zancen sai in saura shekara guda ya cika.

Malam Isyaku: Ƙanwata, a kan Hajiya kin fi ni gaskiya, bon ba nata ba ne. Ni amsar Zainab nake bayarwa, wadda ta jera lambobi biyu. Sake zuba ruwan kuwa, ko da ba a sami 21% ba, abin da ke cikin haɗari ribar ruwan wata shida ce kawai, ba uwar kuɗin ba.

Sadiya Fansho: Wannan ɗin ai shi ne dukan tazarar da muke gardama a kai. Ka sake zuba ruwan a 17% maimakon 21%, bon ɗin ya dawo 21.89%, bil ya wuce gaba.

Malam Isyaku: Haka ne, lissafinki daidai. Shi ya sa idan tazarar ta yi ƙanƙanta haka ba na barin ta yanke hukunci ita kaɗai.

Mamman Lawali, Maraɗi: Gaisuwa ga manya. Mu nan namu bil ɗin na UMOA-Titres ne, hukumar da ke shirya gwanjon takardun gwamnatocin ƙasashenmu masu sefa, takarda ɗaya sefa miliyan guda, kuma ana cire ruwan tun farko kamar naku. Amma da 360 ake rabawa. Kamfanin da nike wa aiki sun ɗauki na kwana 364, a ce 7% don misali. An cire 70,778, an biya 929,222. Mai gidana yana gwada shi da ajiyar da wani banki ya yi mishi tayi a 7.5%. Wanne ya ɗara?

Malam Isyaku: Malam Mamman, raba 7 da 0.929222, ka sami 7.53% a shekarar 360. Idan ka mai da shi shekarar 365 ya zama 7.64%. To sai ka tambayi bankin 7.5% ɗinsu da wace shekara suke rabawa. Idan 360 ce, 7.53 da 7.5 ne, kusan kunnen doki. Idan 365 ce, 7.64 da 7.5 ne, takardar gwamnati ta ɗara. Hanyar da ba ta kuskure: ka ce su rubuta maka sefa nawa za su biya idan ka ajiye 929,222 na kwana 364. Ya wuce 70,778 ko bai kai ba.

Baba Alhasan Kumasi: Mu a Gana an hutar da mu. Bankin Gana yana fitar da biyun tare, `Discount Rate` da `Interest Rate`, mutane kuma na biyun suke kallo. Ɗana ya ce da 364 ake rabawa a nan, shi ya sa kwana 91 yake zama kwata cif. Ban san ko ya faɗi daidai ba, Malam ya duba.

Malam Isyaku: Baba, kuna iya gwadawa da kanku. Ku ɗauki lambar farko ta kwana 91, ku raba ta huɗu, ku cire daga 1, sannan ku raba lambar farkon da abin da ya rage. Idan ya ba da ta biyun daidai, yaron ya yi gaskiya. A shekarar 364, 18% na kwana 364 yana zama 18 bisa 82, wato 21.95%. Kusa da namu ƙwarai, don kwana ɗaya ne tsakani.

Alhaji Garba: To yanzu na karanta, kuma kun taɓo inda yake min ƙaiƙayi. A 2024 na sayi na miliyan 10 a 18%, na shekara. Ribar da aka ba ni miliyan 1 da dubu 790 da ɗari da wani abu ce, ba 1,795,068 da Malam ya lissafa ba. Kusan dubu biyar ta yi ƙasa. Na yi magana a lokacin, aka ce min haka kwamfuta ta fitar. Na haƙura, amma abin bai bar raina ba.

Sadiya Fansho: Alhaji, 2024 Fabrairunta 29 ce, shekarar kwana 366. Da 366 aka raba maka. 1,800,000 sau 364 bisa 366 ya ba da 1,790,163.93.

Malam Isyaku: Mai yiwuwa, amma akwai wani abin da yake ba da kusan wannan amsar. Kwana ɗaya a takardar miliyan 10 mai 18% naira 4,931.51 ne. Ana ƙirga kwanaki daga ranar da kuɗi ya fita zuwa ranar cika, ba daga ranar da ka sa hannu ba. Gwanjo Laraba ake yi, a biya Alhamis. Idan bankin daga nasu suka sayar maka washegari, saura kwana 363 ke nan, kuma 1,800,000 sau 363 bisa 365 ya ba da 1,790,136.99. Ka ga duka biyun miliyan 1 da dubu 790 da ɗari da wani abu ne. Naira 27 ce tsakaninsu.

Alhaji, nemo takardar. Idan 163.93 ne a ƙarshe, Sadiya ta ci. Idan 136.99 ne, kwana ɗaya ne ya tafi. Idan wata lamba ce daban, ka ninka 1,800,000 da kwanakin da ke tsakanin ranakun biyu da aka rubuta, ka raba da ribar da aka ba ka. Amsar ya kamata ta zama 365 ko 366. In ta fita wani abu can, to akwai cajin da aka yanka ba a faɗa maka ba, ko kuma ba 18% cif aka ba ka ba.

Alhaji Garba: Takardar tana shago cikin fayil, sai gobe in Allah Ya kai mu. Amma idan 366 ne ina da magana, domin takardar a 2025 ta cika, kuma kwanakinta da yawa a 2025 suke. Me zai sa a raba duka da 366?

Sadiya Fansho: Wata nawa ka saya? Idan bayan Fabrairu ne, 29 ga watan ma ba ta cikin kwanakinka.

Alhaji Garba: Bayan babbar salla ne.

Dakta Kabiru: A nan ƙa'idar a rubuce take: 366 tana shiga lamba ta biyu ne kawai idan 29 ga Fabrairu ta faɗo cikin shekarar da ta biyo bayan ranar fitar da takardar. Farashin kuwa ba ya motsi, tunda shi da 360 ake yin sa.

Sadiya Fansho: Wannan ta can ce Dakta, ba lalle ta hau kan takardar Alhaji ba. Mu ga lambar tukuna.

Hajiya Rabi: Ni dai na sami abin faɗa ranar Asabar. Zan rubuta musu naira da naira a allo: 8,204,931 ta fita, miliyan 10 ta dawo, ga kuma abin da fikis zai ba da a kan wannan kuɗin. Malam, idan kwamiti suka ce wata shida kawai za su iya jira, kuma bankin suka ce na kwana 182 ɗin 17% ne, nawa zan gwada da fikis?

Malam Isyaku: 18.57%, Hajiya. Amma ki sa su faɗa miki kwanakin da suka rage daidai, don wanda za su sayar miki daga nasu da wuya ya zama 182 cif, kuma ki tambayi na fikis ɗin wata shida, ba lalle ya zama 20% ɗin da suka faɗa na shekara ba.